Zane Ɗaya, Murya Biyu: Yadda Ake Sa Magana Ta Faɗa Daidai Kan Hoto

Akwai wani nau'in bidiyo da ya zama ruwan dare a wayoyinmu: ɗan zane mai motsi na minti ɗaya ko biyu, yana nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ko yadda ake ɗaure buhun wake don kada ƙwari su ci, ko yadda ake buɗe asusun banki ta waya. Ba a ganin fuskar kowa a ciki. Murya ce daga bayan fage take bayani, zane kuma yana tafiya. Da yake babu leɓen da za a bi, irin faman da masu fassara fina-finan Indiya suke sha, sai a ɗauka aikin mai sauƙi ne: a fassara takarda, a kira mai murya, ya karanta, a ɗora.

A nan ake yin asara. Yawancin waɗannan bidiyoyi da Turanci ko Faransanci ake fara shirya su, a auna kowane motsi da muryar farko, a kulle zanen, sannan a aiko a ce a ɗora Hausa a kai. Abin ya yi kama da a ɗinka riga da awon ƙane a ce wa ya saka. Kalmomin da aka fassara suna iya zama daidai ɗaya bayan ɗaya, amma su faɗa a kan hoton da ba nasu ba, mai kallo ya tashi da saƙon da ba shi aka nufa ba.

Kafin mu ga yadda hakan ke faruwa, sai an san yadda ake ƙera irin wannan bidiyo. A aikin zane mai motsi murya ce ke gaba, zane ya biyo ta. Ana rubuta bayanin, wani a ofis ya karanta shi da wayarsa a matsayin muryar gwaji, a jera zanuka marasa motsi a kan wannan murya domin a ga yadda lokacin zai kasu. Idan kowa ya gamsu, sai a ɗauki murya ta gaskiya, mai zane ya zauna yana saurarenta yana sa alama a duk inda wata muhimmiyar kalma ta faɗo. Ma'auninsa ya fi daƙiƙa ƙanƙanta. Bidiyo hotuna ne tsayayyu da ke wucewa da sauri, kowanne ana ce masa firem. Talabijin a Najeriya da Nijar ya gaji tsarin firem 25 a daƙiƙa, fim na silima 24, Amurka kuma kusan 30. Ke nan minti ɗaya a tsarinmu firem 1,500 ne, kuma kowane abu da ya bayyana a allo yana da lambar firem ɗinsa. Cokali bai shigo "wajen tsakiya" ba, ya shigo ne a daƙiƙa ta 21, firem na 8.

Wani zai ce wannan ƙaƙale ne na masu sana'a. Masu nazarin koyo sun gwada abin. A 1991 Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Babara, tare da Richard Anderson, sun nuna wa ɗalibai zane mai motsi na yadda famfon keke ke aiki. Wasu sun ji bayanin tare da zanen, wasu kuma sun ji shi tukuna, zanen ya biyo baya. Magana ɗaya ce, hoto ɗaya ne, amma da aka ba su tambayoyin da ke buƙatar su yi aiki da abin da suka fahimta, waɗanda suka ji suka gani a lokaci guda sun fi. Dalilin a fili yake: abin da mutum zai iya riƙewa a ransa na ɗan lokaci kaɗan ne. Idan kunne ya ji kalma, ido bai ga abinta ba, sai ya riƙe ta yana jira, kafin hoton ya iso wata kalmar ta ture ta.

Mu ɗauki bidiyon ruwan gishiri da sukari, wanda ake koya wa iyaye haɗawa a gida idan yaro na gudawa kuma ba a sami na fakiti ba. Ma'aunin da aka sani shi ne ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi a shafe. A ce an shirya shi da Turanci, an ba kowane mataki daƙiƙa 3. Takardar da mai zane ya bi za ta kasance haka, lambobin suna nufin awa, minti, daƙiƙa da firem:

```
00:00:18:00  ruwa
00:00:21:00  sukari
00:00:24:00  gishiri
```

Jimlar sukari a Turanci gaɓa tara ce, tana shiga cikin daƙiƙa 3 har da ragowar numfashi. Mai fassara ya rubuta Hausa mai kyau: "A zuba sukari cokalin shayi shida, kowanne a shafe." Idan ka ƙirga da yatsa, gaɓa 19 ce. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa yarda da ƙirga kalmomi, domin baki gaɓa yake furtawa. A ce mai muryar tamu, da aka auna ta da agogo tana karatu cikin natsuwa, tana furta gaɓa biyar a daƙiƙa. Jimlar za ta ci daƙiƙa 3.8, wato firem 95, a gurbin da aka tanadar wa 75.

Matakin ruwa ya fi haka muni. Mai fassarar ya san ba kowace uwa ce ke da abin auna lita a gida ba, ya kuma san ledar ruwan da aka saba saya rabin lita ce, sai ya rubuta: "A samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu." Tunani ne mai kyau ƙwarai, irin na wanda ya san mutanensa. Amma gaɓa 22 ce, daƙiƙa 4.4. Ta cinye gurbinta ta kuma shiga na sukari da daƙiƙa 1.4, tun ba a lissafa numfashi ba.

Sai kuma abin da ko da tsawon jimlolin ya zo ɗaya ba zai gyaru da kansa ba, wato jerin kalmomi. Turanci da adadi yake farawa, ma'auni ya biyo, abin da ake aunawa ya zo ƙarshe. Hausa kuwa sai ta ambaci abu, ta ambaci ma'auni, sannan ta rufe da adadi. Mai zane da ya bi muryar Turanci ya sa lamba 6 ta fito tun farkon fitowar sukari. A jimlarmu "shida" ba ta zuwa sai bayan gaɓa goma sha ɗaya, wato bayan daƙiƙa 2.2. Haɗa wannan da lattin da aka kwaso daga matakin ruwa: kalmar za ta faɗa a daƙiƙa ta 24, firem na 15. Duba takardar da ke sama. A wannan lokacin sukari ya bar allo, gishiri ne a gaban mai kallo. Uwa tana ganin gishiri tana jin "shida". Gishiri da ya yi yawa a wannan haɗin yana iya cutar da yaron da tun farko ruwan jikinsa ya ƙare. Ba a yi kuskuren fassara ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya duba takardar Hausar kawai zai sa hannu ya ce ta yi.

Gyara mafi inganci shi ne wanda ake yi tun babu zane ko ɗaya. A rubuta harsunan biyu tare, gefe da gefe a takarda guda, layi ɗaya ga kowane mataki, a ɗauki muryar gwaji ta kowanne, a auna. A kowane mataki, harshen da ya fi tsawo shi ke yanke lokacin. Ruwa ya sami daƙiƙa 5, sukari 4 da rabi. Bidiyon zai ƙara tsawo, kuma muryar Turanci za ta sami ɗan shiru a tsakanin jimloli. Masu ba da kwangila sukan ji tsoron wannan shirun, suna ganin masu kallo za su gundura. A ganina tsoron bai da tushe a bidiyon koyarwa. Daƙiƙa ɗaya da ido ke kallon cokali ba tare da wata sabuwar magana ba, lokaci ne da bayanin ke zama.

Mai zane da ya san harsuna biyu zai yi wa hidima yana da dabarar da ta fi ƙara lokaci. Maimakon lamba 6 ta faɗo gaba ɗaya a firem guda, sai ya zana cokulan suna zuba ɗaya bayan ɗaya, yatsa na shafe bakin kowanne, lambar da ke gefe tana hawa daga 1 har 6. Mai jin Turanci ya ji adadin tun farko, sai ya kalli yadda ake cika shi. Mai jin Hausa kuma yana ganin ƙirgar tana hawa, ta kai 6 daidai lokacin da muryar ke cewa "shida". Zane ɗaya ya yi wa kowa daidai, domin an shimfiɗa motsin a kan daƙiƙa biyu ko uku, ba a rataye shi a kan kalma ɗaya ba. Haka kuma yana barin ɗan tsayawa a ƙarshen kowane mataki, inda hoton ke nan amma babu sabon abu da ke faruwa. Wannan wurin ne edita zai iya ja ko ya rage daga baya ba tare da an lura ba. Shirin SAWBO, wanda Barry Pittendrigh da Julia Bello-Bravo suka kafa a Jami'ar Ilinoi, a kan wannan tunani ya ginu: zane guda na noma ko lafiya, a ɗora masa muryoyi a harsuna masu yawa, har da Hausa, a raba ta waya. Zanen da zai ɗauki harsuna da yawa dole ya kasance mai yalwar lokaci tun daga tushe.

Amma sau da yawa zanen a kulle yake isowa, babu kuɗin sake shi. A nan mai rubutun Hausa ya daina zama mai fassara kawai, ya koma mai rubutu a cikin awo. Tambayarsa a kowane layi ita ce: me hoton ya riga ya faɗa, me kuma sai baki ya faɗa? Hoton ya nuna ana zubawa, don haka "a zuba" na iya tafiya. "Kowanne" ma haka. Saura "Sukari, cokalin shayi shida, a shafe", gaɓa 13, daƙiƙa 2.6, ta shiga. Wanda ya matsu yana iya yanke "shayi" ya rage gaɓa biyu. Wannan ita ce yankar da ba za a yi ba, domin cokalin cin abinci na awo ya ninka na shayi sau uku, kuma a allon waya ba a gane girman cokali. A matakin ruwa kuwa sai an zaɓa: ko lita, ko leda biyu. Idan kwalba mai alamar lita ce a hoton, muryar ta ce "Ruwa mai tsabta lita ɗaya", a nemi wani gurbin, wataƙila a maimaicin ƙarshe, a saka maganar ledar. Irin wannan gajartawa tana yiwuwa a layi biyu ko uku masu ma'auni. Idan aka yi wa bidiyon gaba ɗaya haka, Hausar ta bushe, ta daina kama da mutum yana yi wa ɗan'uwansa bayani.

Akwai kuma abin da Turanci bai tanadar wa gurbi ba sam. Bidiyon Turanci kan faɗa cikin magana kai tsaye da tambaya. Mai sauraren Hausa, musamman a karkara, yana sa ran sallama ko 'yar gaisuwa kafin baƙuwar murya ta fara koya masa yadda zai kula da ɗansa. Daƙiƙa biyu ne, amma sai an nemo su, galibi a kan tambarin da ke buɗe bidiyon. Sannan dole a yanke shawara tun farko: "ki zuba", "ka zuba", "ku zuba" ko "a zuba"? Idan mace ce a zanen kuma iyaye mata ake nufi, "ki" ta fi kusanci. Idan ana so maigida ma ya ji da shi ake, "a" ta fi faɗi. Abin da bai kamata ba shi ne a fara da ɗaya a ƙare da wata.

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma aka fi bi, ita ce a ce wa mai murya ya ƙara sauri, ko edita ya matse sautin a kwamfuta. Manhajojin yau suna iya gajarta magana ba tare da muryar ta sirance ba, kuma in kaɗan ne, kamar kashi biyar cikin ɗari, da wuya a gane. Amma a mayar da daƙiƙa 4.4 zuwa 3 na nufin a zubar da kusan kashi ɗaya bisa uku na lokacin. Hausa ba ta jure wannan. Ma'ana a harshenmu tana rataye da tsawon wasali da hawa da saukar murya, abubuwan da rubutun boko ba ya nunawa. Garin da ake damawa da garin da ake zama a ciki rubutunsu ɗaya, jan wasalin farko ne ya raba su. Mai karatu da ke tsere da agogo wasulan nan yake fara haɗiyewa. Lambobi ma ba sa matsuwa: gargaɗin cewa kada haɗin ya wuce awa ashirin da huɗu yana da gaɓa shida a lambar kaɗai, inda Turanci ke da uku. Marubuci mai lura zai ga ko "kwana ɗaya" za ta ɗauki ma'anar ba tare da ruɗani ba, in kuwa ba za ta ɗauka ba, ya nemi lokaci a wani wurin.

Tsofaffin da suka ga majigi a zamanin Turawa sun san wani salon wannan aiki. Motar majigi ta zo gari, a kafa allo a fili, a nuna fim kan tsabta ko noman auduga, wani ma'aikaci na tsaye da lasifika yana bayani da Hausa. Shi yana ganin jama'a, yana ganin allo. In ya ga an ruɗe ya maimaita, in hoto ya wuce shi ya taƙaita. Muryar da aka naɗa ba ta da wannan dama, don haka duk gyaran da shi yake yi nan take, yau sai an yi shi a takarda da ɗakin ɗaukar murya.

A ɗakin, mai murya ya kamata ya riƙa ganin zanen yayin da yake karatu, da lambobin lokaci suna gudu a ƙasan allo. Layi-layi ake ɗauka, ba a karance takardar a zama ɗaya ba, domin edita ya iya ɗora kowane layi a kan firem ɗinsa, lattin wani kada ya gangaro kan na gaba. A kashe fanka, a nisanci janareta, bakin mai karatu ya kasance kimanin taƙi ɗaya daga makirufo. Kuma lallai a sami mutum na biyu mai jin Hausa sosai yana saurare, ba injiniya kaɗai ba. Injiniyan da ba ya jin harshen zai ji sauti ya fita tas, ba zai ji an karanta kalma da karin da ya sauya mata ma'ana ba. In bidiyon zai ƙetara zuwa Maraɗi ko Damagaram, mai sauraren nan ya san kalmomin aro da suka bambanta tsakanin ɓangarorin biyu, tunda can daga Faransanci aka aro da yawa.

Wajen ɗorawa akwai ƙa'ida guda da ta samo asali daga yadda aka halicce mu. Haske ya fi sauti sauri, mun saba ganin abu kafin mu ji ƙararsa, shi ya sa kunne ke yafe wa sautin da ya ɗan makara amma ba ya yafe wa wanda ya riga hoto. Edita nagari yakan bar abu ya bayyana, firem kaɗan su wuce, sannan sunansa ya fito daga baki.

Idan an kalli bidiyon aka ji murya da hoto ba sa tafiya tare, yanayin saɓanin shi ke nuna inda cutar take. In tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, an ɗora sautin ne a wurin da ba nasa ba, a matsar da shi gaba ɗaya an gama. In an fara daidai amma tazarar tana ƙaruwa sannu a hankali, matsalar na'ura ce. Wataƙila an ɗauki murya a kan kwafi mai firem 25, aka fitar da bidiyon a 24: firem 1,500 ɗin nan za su ci daƙiƙa 62 da rabi maimakon 60, a ƙarshen minti ɗaya murya ta riga hoto da daƙiƙa biyu da rabi. Ko kuma sautin da aka ɗauka a 48 kHz, wanda shi ne ma'aunin bidiyo, manhaja ta karanta shi a matsayin 44.1 kHz, sai muryar ta yi nauyi ta kuma ja. In kuwa saɓanin na zuwa yana tafiya, wani layi daidai wani a makare, to na'ura ba ta da laifi, rubutun ne bai shiga awonsa ba, sai an koma takarda.

Abu biyu ya kamata duk mai karɓar irin wannan aiki ya nema tun ranar farko. Na ɗaya, kiɗa da ƙarar abubuwa a fayil daban da muryar Turanci, domin in an gauraya su ba a iya cire ɗaya a bar ɗaya da kyau. Na biyu, duk rubutun da ke allo ya kasance a shimfiɗarsa daban, yadda za a iya sauya shi. Nan ma a gwada salon harafin tun da wuri: da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da akwati babu komai a wurin, ko mai zane ya cire lanƙwasar ya bar kalmar da wata ma'ana. Rubutun ya taƙaita ga lamba da kalma ɗaya ko biyu. Jimla cikakkiya a allo tana janye ido daga zanen, ga wanda bai iya karatun boko ba kuma ba ta ƙara masa komai. A kuma tambayi inda za a saka bidiyon. YouTube na ba da damar ɗora muryoyi da yawa a kan hoto guda, amma hakan na nufin tsawonsu ya zama ɗaya. In ta WhatsApp ko daga waya zuwa waya za a raba, babu abin da ya hana na Hausa ya fi na Turanci da daƙiƙa goma, kowanne da fayil ɗinsa.

Gwajin ƙarshe ba a situdiyo ake yinsa ba, inda manyan lasifikoki ke ƙawata komai. A tura bidiyon cikin ƙaramar waya, a ji ko kiɗan da ke ƙasa bai danne muryar ba, domin lasifikar waya tana da rauni kuma tsakar gida ba ta rasa hayaniya. Sannan a sami wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta kuma ga takardar ba, a ajiye mata ruwa da sukari da gishiri da cokula manya da ƙanana, ta kalla sau ɗaya, a ce ta haɗa. A lura da cokalin da ta ɗauka, da sau nawa ta zuba, da ko ta shafe bakinsa. In ta yi kuskure, a tambaye ta me ta ji a wurin, a koma kan lambar firem ɗin a ga wace kalma ce ta faɗa kan wane hoto.